Shawarwari tara ga gidan da ke son sanin kuɗin da manhajar hira za ta ci a wata

Gidaje da yawa yanzu a waya suke sana'a. Uwargida tana sayar da atamfa da leshi da turaren wuta, saƙonni suna shigowa dare da rana, sai wani ɗan gidan mai ilimin kwamfuta ya ce bari ya haɗa manhajar hira da za ta riƙa amsa wa masu saye. Kafin a amince, tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: nawa za ta ci a wata? Kamfanonin da ke ba da hayar waɗannan manhajoji ba da saƙo suke lissafi ba, da tokin suke yi, wato gutsattsarin rubutun da na'ura ke yanka kalmomi zuwa gare su kafin ta karanta ko ta rubuta. Abin da ya fi rikita mutane shi ne, mafi yawan kuɗin ba a abin da mai saye ya rubuta yake tafiya ba, a abin da ake sake turawa kowane lokaci yake tafiya.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe: gida mai sayar da kayan mata, wanda mutum 40 ke tuntuɓa a rana. Alƙaluman gidan na misali ne, ku maye gurbinsu da naku.

1. Ku ƙirga hira, ku kuma ƙirga amsoshin da ke cikinta

Ku ɗauki wayar sana'ar ku duba mako guda cikakke, har da Juma'a da ranakun ƙarshen mako. Abu biyu kuke nema. Na farko, mutum nawa ne suka yi magana da ku kowace rana. Na biyu, sau nawa kuka mayar da amsa kafin maganar ta ƙare, ko da ciniki ko babu. Na biyun ya fi muhimmanci, domin duk lokacin da manhajar ta ba da amsa, an buga wa kamfanin ƙofa ke nan, kuma kowane bugu da kuɗinsa.

Kada ku ƙirga waɗanda suka saya kaɗai. Wadda ta tambayi farashin leshi ta ce za ta dawo, da wanda ya yi ta neman ragi har ya gaji ya tafi, duk sun ci tokin. A misalinmu, hira 40 a rana cikin kwana 30 ta zama hira 1,200 a wata, kuma a matsakaici kowace hira tana da saƙo 6 daga mai saye da amsa 6 daga manhaja.

2. Ku auna tokin da Hausarku, kada ku ari ma'aunin Turanci

Ƙa'idar da aka fi yaɗawa ita ce tokin ɗaya yana daidai da haruffa huɗu, ko kuma kalmomi 75 su ba da tokin 100. Wannan ƙiyasin na Turanci ne. Na'urorin da ke yanka rubutu sun fi sabawa da Turanci, shi ya sa sukan ɗauki kalmarsa guda a matsayin tokin ɗaya, amma su datsa kalmar Hausa gida biyu ko uku. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sukan ƙara yawan datsawar. Saboda haka magana ɗaya a Hausa takan fi takwararta ta Turanci cin tokin, kuma yawan bambancin ya danganta da manhajar da kuka zaɓa.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce gwaji. Ku kwaso saƙonni ashirin na gaske daga wayarku, ku goge sunaye da lambobin mutane, a tura wa manhajar. Kowace amsa tana dawowa da rahoton abin da aka ci. A tsarin OpenAI da aka fi sani, sunayen da za a duba su ne `prompt_tokens` da `completion_tokens`. A na Anthropic kuwa `input_tokens` da `output_tokens`. Na farko shi ne abin da ya shiga, na biyu abin da ya fita. Ku ce wa wanda ya haɗa muku tsarin ya nuna muku waɗannan lambobi da idonku. A misalinmu mun ɗauka saƙon mai saye tokin 40 ne, amsar manhaja kuma tokin 120.

3. Ku san nauyin umarnin da ke tafiya tare da kowane saƙo

Kafin manhaja ta iya amsa wa kowa, sai an rubuta mata umarni: sunan sana'ar, jerin kaya da farashinsu, kuɗin kai kaya unguwa-unguwa, lokutan aiki, yadda za ta gaisa, da abin da ba a yarda ta faɗa ba. Mai saye ba ya ganin wannan rubutu, amma yana tafiya tare da kowane saƙonsa, kuma ana biyan kuɗinsa kowane lokaci.

Mu ɗauka umarnin gidanmu tokin 1,500 ne. Idan wata ta rubuto “Nawa ne turmin atamfa?”, abin da ya isa kamfanin ya haɗa da tokin 40 na tambayarta da 1,500 na umarnin, wato 1,540. A hira mai amsa 6, umarnin kaɗai ya ci tokin 9,000. Duk wanda ya yi lissafi bai sa wannan ba, ya bar kaso mafi girma a waje.

4. Ku lissafa tarihin hira, domin ana sake tura shi dungurungum

Nan ne mafi yawan ƙiyasi ke rushewa. Manhajar ba ta riƙe abin da aka faɗa mata ɗazu. Kamar yaron shago ne da ke manta komai da zarar ya ba da amsa, don haka duk lokacin da mai saye ya sake magana, sai an karanta masa dokokin shagon da duk abin da aka tattauna tun daga sallama. A saƙo na biyu ana tura umarni, da saƙon farko, da amsar farko, da sabon saƙo. A na uku ana tura duk waɗannan da ƙari.

Ga yadda abin ke hauhawa a misalinmu. Kowane zagaye yana ƙara tokin 160, wato 40 na mai saye da 120 na amsar da ta gabata:

```
zagaye 1: 1,540
zagaye 2: 1,700
zagaye 3: 1,860
zagaye 4: 2,020
zagaye 5: 2,180
zagaye 6: 2,340
jimla:   11,640
```

Mai saye tokin 240 kacal ya rubuta a duk hirar, amma abin da za a caje ku na shiga 11,640 ne, sama da ninki 48. Abin da ya fita kuwa 720 ne, wato 120 sau 6.

Ku lura kuma cewa doguwar hira ba ta tafiya daidai da yawan saƙonninta. Hira mai zagaye 12 tana cin tokin 29,040 na shiga, ninki biyu da rabi, alhali saƙonnin ninki biyu kawai suka yi. Mai zagaye 30, irin ta wadda ke zaɓen kayan lefe tana sauya ra'ayi, tana cin 115,800, kusan ninki goma. Idan irin waɗannan suna da yawa a sana'arku, ku ware su ku yi musu lissafinsu daban, kada matsakaici ya ɓoye su. Maganinsu shi ne a tsara manhajar ta riƙa tura saƙonni takwas ko goma na ƙarshe kawai, tare da gajeren taƙaitawa na abin da aka riga aka cimma, kamar kalar da aka zaɓa da unguwar da za a kai kaya. Amma a yanke da hankali. Idan kuka ga manhajar ta fara sake tambayar abin da aka riga aka faɗa mata, yankan ya yi yawa.

5. Ku ninka da farashi biyu, na shiga da na fita

Kamfanoni suna sa farashi a kan tokin miliyan ɗaya, da dala, kuma kashi biyu ne. Abin da manhaja ta rubuta ya fi abin da ta karanta tsada, sau da yawa ninki huɗu ko biyar. Lissafin shi ne:

```
kuɗi = (tokin_shiga × farashin_shiga + tokin_fita × farashin_fita) ÷ 1,000,000
```

A wata guda gidanmu ya tura tokin 11,640 sau 1,200, wato 13,968,000, ya kuma karɓi 720 sau 1,200, wato 864,000.

Bari mu gwada da farashi biyu na gaske. Lokacin da aka fitar da Claude 3.5 Sonnet a watan Yunin 2024, farashinsa dala 3 ne na shiga da dala 15 na fita. Da wannan, shiga ya ci dala 41.90, fita ya ci dala 12.96, jimla dala 54.86. Shi kuma GPT-4o mini, wanda ya fito a Yulin 2024, an sa masa dala 0.15 na shiga da dala 0.60 na fita. Da shi, shiga dala 2.10, fita dala 0.52, jimla kusan dala 2.61. Idan muka ɗauka dala tana naira 1,500, na farko ya kama kimanin naira 82,300, na biyu kimanin naira 3,900. Aiki ɗaya, mutane ɗaya, amma bambancin ya haura ninki ashirin.

Wannan ba ya nufin a ruga wa mai araha ido rufe. Ƙananan manhajoji sukan fi manya rauni a Hausa, kuma amsa ɗaya da ta faɗi farashin da ba shi ba tana iya jawo asarar da ta fi abin da aka yi tsiminsa. Ku gwada duka biyun da saƙonni ashirin ɗin nan naku, ku karanta amsoshin da kanku. Idan ƙaramar ta fahimci tambaya, ta faɗi farashi daidai, kuma Hausarta ba ta ba ku kunya ba, ta wadatar.

Abu biyu kuma ku kiyaye. Farashi yana sauyawa kuma ana janye tsofaffin manhajoji, don haka ku ɗauki na ranar da kuke lissafi daga shafin kamfanin. Sannan akwai manhajoji masu yin dogon nazari kafin su amsa. Tokin ɗin nazarin nan ana cajinsa da farashin fita ko da ba ku gan shi ba. Don faɗin kuɗin atamfa ba ku buƙatar irinsu.

6. Ku fara rage kuɗi daga inda ya fi taruwa

Cikin tokin 11,640 na kowace hira, 9,000 na umarni ne, fiye da kashi uku cikin huɗu. To nan ne wurin sa almakashi. Ku karanta umarnin layi-layi. Kayan da suka ƙare tun bara, ku cire. Maimaita magana ɗaya sau uku don jaddadawa, ku bar ɗaya. Jerin farashi a rubuta shi gajere, suna da kuɗi, ba dogon bayani ba. Idan umarnin ya sauko daga 1,500 zuwa 700, kowace hira ta ragu zuwa tokin 6,840, kuma a farashi mai tsadar nan kuɗin wata ya sauko daga dala 54.86 zuwa 37.58. An tsira da kimanin naira 26,000 ba tare da an taɓa ko mai saye ɗaya ba.

Akwai wata hanyar kuma: kamfanoni suna yin rangwame idan farkon rubutun da ake turawa bai sauya ba, domin suna ajiye shi na ɗan lokaci. Yadda Anthropic ta fito da tsarin a 2024, ajiyewar farko tana ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan farashin shiga, karantawa daga ajiya kuma kashi 10 cikin ɗari kawai ake biya, amma ajiyar tana gogewa idan aka yi minti biyar ba a taɓa ta ba. Idan saƙonni suna shigowa a jere, umarnin da ke cin 9,000 zai koma kamar 2,625. Idan kuwa sai an jima ake samun saƙo ɗaya, ajiyar za ta riƙa gogewa ana sake biyan ƙarin, har kuɗin ya kai na 11,250, ya fi na da. Sannan akwai mafi ƙarancin tsawon da ake karɓa, wanda a manhajoji da dama tokin 1,024 ne, don haka umarni mai 700 ba zai shiga ba. Gida mai ɗan ciniki ya fi cin riba da gajarta umarni. Mai cinkoson saƙonni shi ne ajiyar ke yi wa amfani.

A ɓangaren fita, ku rubuta a umarnin cewa amsa ta zama jimla biyu ko uku, a kuma sa iyaka da `max_tokens`. Kada iyakar ta matse ƙwarai, domin ba ta sa manhaja ta taƙaita, yanke mata magana take yi a tsakiya.

7. Ku sa al'adar rubutunmu cikin lissafi

Bahaushe ba ya shiga ciniki sai ya gaisa, kuma a waya yakan rarraba maganarsa: “Assalamu alaikum” saƙo ɗaya, “Hajiya ina wuni” saƙo na biyu, “Ya kasuwa” na uku, sannan tambayar ta zo. Idan an haɗa tsarin yadda zai amsa kowane saƙo da zarar ya shigo, kowace gaisuwa za ta ja umarnin nan gaba ɗaya. A farashi mai tsada, wannan kusan naira 7 ne kowane bugu. Ƙarin bugu uku a hira 1,200 ya kai aƙalla naira 25,000 a wata.

Ba gaisuwar za a hana ba, domin ita ce mutuncin ciniki. Abin yi shi ne a sa tsarin ya dakata na 'yan daƙiƙoƙi bayan saƙo ya shigo, ya haɗa duk waɗanda suka biyo baya, ya tura su a dunƙule. Sallama da godiya kuma ana iya tanadar musu amsa a rubuce wadda ba ta bi ta wurin kamfanin ba sam.

Haka nan saƙon murya. Masu saye da yawa, musamman iyayenmu mata, sun fi son danna waya su yi magana. Kafin manhaja ta amsa, sai an mayar da muryar rubutu, kuma wannan da minti ake cajinsa. An daɗe ana ba da Whisper na OpenAI a kan dala 0.006 kowane minti. Minti ɗaya a kowace hira cikin 1,200 ya zama dala 7.20, kimanin naira 10,800. Ga wanda ya zaɓi ƙaramar manhaja, wannan ya ninka kuɗin tokin ɗinsa kusan sau uku. Ku kuma gwada ingancin rubutun da ke fitowa daga muryar Hausa kafin ku dogara da shi. Hotuna ma ana mayar da su tokin, kuma hoton atamfa ɗaya yana iya fin saƙon rubutu da yawa nauyi.

8. Ku haɗa kuɗin da ba na tokin ba, da watan da kasuwa ke tashi

Kuɗin tokin ɓangare ne kawai. Akwai hayar kwamfutar da tsarin ke zaune a kanta dare da rana, da ladan wanda ke kula da shi, da abin da kamfanin da ke tsakaninku da WhatsApp zai karɓa idan ta hannunsa kuka bi. A tsarin kasuwanci na WhatsApp, a Nuwamban 2024 an mayar da amsa wa wanda ya fara yi muku magana kyauta cikin awa 24, amma saƙonnin talla da ku kuka fara turawa ana biyansu, kuma daga 1 ga Yulin 2025 da saƙo ɗaya-ɗaya ake lissafinsu. Ku sani kuma cewa biyan kuɗin wata na ChatGPT a waya daban yake da asusun da ake haɗa manhaja da shi; ɗaya ba ya biya wa ɗaya.

Sai canji. Da dala ake biya, kuma masu sana'a a Najeriya sun ga yadda ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Ku yi lissafi da farashin da katinku ke cirewa a zahiri, har da cajin banki da haraji idan an ɗora. A Nijar da Kamaru da Cadi sefa tana ɗaure da yuro, amma darajarta a kan dala tana motsi, don haka su ma sai sun duba.

Sannan ku yi lissafi biyu: na wata mai sanyi da na wata mai zafi. Idan a kwana goma na ƙarshen azumi masu tuntuɓa suka ninka uku, hirar watan ta zama 2,000, kuɗin ya tashi daga naira 82,300 zuwa kimanin 137,200. A kan kowane lissafi ku ɗora kashi ɗaya cikin huɗu na ko-ta-kwana, saboda gwaje-gwaje da saƙonnin da suka maƙale aka sake turawa.

9. Ku sa iyaka tun ranar farko, ku gwada ƙiyasi da abin da ya faru

Ku zuba kuɗi kaɗan a asusun, ku kashe tsarin da ke ƙara cirewa daga kati da kansa, ku kunna gargaɗin da ke zuwa idan an kai wani adadi. Ku sa wa kowace lamba iyakar saƙonni a rana, domin yaro ɗaya da ya gano manhajar tana hira zai iya kwana yana yi mata tambayoyin makaranta da kuɗinku. Mabuɗin sirri na asusun kuma kada a tura shi a zauren hira ko a bar shi a wayar da kowa ke ɗauka. Duk wanda ya same shi zai yi aiki ku biya.

Bayan kwana bakwai, ku buɗe shafin amfani na kamfanin ku raba jimlar tokin na shiga da yawan hira. Idan ya yi kusa da 11,640 ɗin da kuka ƙiyasta, lissafinku ya tsaya. Idan ya zarce sosai alhali mutane ba su ƙaru ba, ku duba tsawon hirarraki da rarrabuwar saƙonni. Idan na fita ne ya kumbura, amsoshi sun yi tsawo ko an kunna dogon nazari. Idan kuma ana cin tokin da tsakar dare babu saƙo a wayarku, ku soke mabuɗin nan take ku fitar da sabo.

Lambar ƙarshe da za ku fitar ita ce wadda za ta yanke hukunci: kuɗin da ke kan kowane ciniki. A misalinmu, hira ɗaya a farashi mai tsada kusan naira 69 ce. Idan mutum ɗaya cikin goma ne ke saye, kowane ciniki yana ɗauke da naira 690 na tokin kaɗai. Ga mai cin ribar dubu uku a turmin leshi, wannan abin ɗauka ne. Ga mai cin ribar ɗari biyar a kwalbar turare, asara ce, sai dai ta koma ƙaramar manhaja, inda cinikin zai ɗauki kusan naira 33, ko ta ci gaba da amsa saƙonninta da hannunta. Ku zauna da mai sana'ar da mai haɗa tsarin ku fitar da wannan lamba a takarda kafin a sa ko sisi a asusun.